"Ustaz, In Yarda da Makin da Na Ba Kaina?": Ɗaliban Abu Na'ama da Matsalar Gyara wa Kai Takarda

Bayan sallar isha'i ne wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare, a ɗaya daga ƙauyukan Hausawa da ke kusa da Abu Na'ama a jihar Sinnar ta Sudan, ta ari wayar yayanta. Malaminta na lissafi ba ya gari. Tun da yaƙi ya iso yankin ya kwashe iyalinsa zuwa Gadarif, sai ta WhatsApp ake samunsa, shi ma ranar da sabis ya ga dama.

Ga abin da ta rubuta masa: "Assalamu alaikum Ustaz, ina wuni, ya iyali? Allah ya ƙara girma. Na yi takardun lissafi uku na shekarun baya, na duba da amsoshin da ke bayan muzakkira, duk na haura 80, ta jiya ma 82 na samu. Amma hankalina bai kwanta ba. In yarda da wannan makin in koma kan kemistiri, ko kuwa kaina nake ruɗi? Jarrabawa ta matso."

Sai da gari ya waye amsa ta shigo. "Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki yarda tukuna, kada kuma ki yar. Ɗauki hoton takardar jiya ki turo mini, duk shafukan, har inda kika soke. Sannan ki gaya mini tsakaninki da Allah: ƙarfe nawa kika fara, ƙarfe nawa kika ajiye biro, kuma littafin yana ina a lokacin?"

Irin wannan saƙo ya zama ruwan dare a wayoyin malamai tun daga Mayirno har Damazin. Tambaya ce da ɗalibin da ke shirin WAEC a Kano ko bakaloriya a Maraɗi zai gane nan take, sai dai a gaɓar Shuɗin Nilu ta fi nauyi, domin ɗalibai da yawa ba su da wani mai gyara musu takarda in ba su kansu ba.

Yadda ɗalibi ya zama malamin kansa

Abu Na'ama na kudu da Singa, babban birnin jihar Sinnar, a kan hanyar da ta nufi Damazin. An san garin da tashar binciken aikin gona, da gonar rama ta gwamnati, da tsangayar koyon aikin gona ta Jami'ar Sinnar. Hausawa da Fulani sun daɗe a wannan gaɓa. Wasu jikokin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ne bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kakanninsu mahajjata ne da suka tsaya noma a hanyar Makka, wasu kuma aikin auduga ne ya kawo su bayan an buɗe madatsar ruwa ta Sinnar da gonakin Jazira a 1925. A gida Hausa ake yi, a kasuwa Larabcin Sudan, a makaranta kuwa Larabcin littafi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya rufe makarantu kusan ko'ina. Kafin ƙarshen shekarar, Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa yara wajen miliyan 19 ba sa zuwa aji. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Singa ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, kuma sai a Nuwamban 2024 sojoji suka karɓe ta. Mutanen ƙauyukan kewaye sun watsu, malamai sun yi watanni ba albashi, makarantu da dama sun koma masaukin 'yan gudun hijira.

Jarrabawar kammala sakandare, wadda kowa ke kira Shahada Sudaniya, ba a yi ta ba a 2023. Sai ranar 28 ga Disambar 2024 'yan ajin 2023 suka zauna, ɗalibai sama da dubu 300 suka yi rajista. 'Yan ajin 2024 kuma suka zauna a ƙarshen Yunin 2025. Wato akwai yaran da suka yi shekara ɗaya da rabi suna bita su kaɗai, ba aji, ba gwajin wata, wasu ma ba su samu jarrabawar gwaji da jihohi suka saba shiryawa ba.

Abin da ya rage a hannunsu shi ne littafin ma'aikatar ilimi in an tsira da shi, da muzakkira, wato 'yar takardar taƙaita darasi da malamai ke bugawa, da tsofaffin takardun jarrabawa masu yawo a waya tare da amsoshinsu. Yaro ya amsa, ya duba, ya ba kansa maki. Ba laifi ba ne, larura ce. Maganar ita ce nawa ne gaskiya a cikin makin.

Maki bakwai, kashi ɗaya

Kafin a raina kuskuren maki goma, a dubi yadda ake lissafin sakamako. Darussa bakwai ake tarawa: huɗu na dole, wato Larabci da Ingilishi da addini da lissafi, sai uku na fannin da ɗalibi ya zaɓa, kamar fiziks da kemistiri da bayoloji ga ɗan kimiyya. Kowane darasi maki 100 ne, 50 ne matakin ci. A tara bakwai ɗin, a raba gida bakwai, abin da ya fito shi ne nisba, kuma da ita ake neman gurbin jami'a. Karatun likita a Jami'ar Khartoum ya saba neman sama da 90.

Ke nan duk maki bakwai da suka zube a darasi guda sun tafi da kashi ɗaya na nisba. Wanda kuwa ke ƙara wa kansa maki takwas a kowane darasi, nisbarsa ta ainihi tana ƙasa da zatonsa da kashi takwas cif, ya yi ta jiran 85 a ba shi 77.

Amma babbar ɓarnar tana faruwa ne tun kafin ranar sakamako. Makin da ɗalibi ya ba kansa shi ke raba masa lokaci. Ɗalibar nan tana shirin rufe littafin lissafi ne saboda ta ga 82. Da ta rufe, da makonnin ƙarshe sun tafi kan wani darasi, ramin da ke lissafin kuma ya zauna har ranar jarrabawa.

Inda maki 15 suka shiga

Malamin ya gyara takardar daga hotunan, ya ba ta 67. Tazarar 15 ce. Abin da ya fi amfani shi ne bai tsaya kan jimla ba, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya nuna mata inda kowane maki ya shiga.

Shida daga ciki ba su da alaƙa da gyara ko kaɗan. Ta faɗa masa cewa awa uku sun cika saura tambaya biyu, sai ta ƙara kusan rabin awa ta ƙarasa su. Amsoshin daidai ne, amma a ɗakin jarrabawa da tuni an karɓe takardar. Wasu biyar kuma sun fito ne daga tambayoyin da ta ce ta "ɗan leƙa" littafi don ta tabbatar da ƙa'ida. Leƙen bai fi na ƙiftawar ido ba, amma ƙa'idar ita ce rabin aikin. Maki 11 ke nan sun lalace tun ba a ɗauki jan biro ba. Wannan ne ya sa tambayar malamin ta farko ta kasance kan agogo da littafi.

Sai maki bakwai na sassauci. Misali ɗaya ya isa. An ba da jerin lambobi 5, 9, 13, ana ta ƙara huɗu, aka ce a nemo jimlar lambobi ashirin na farko. Ƙa'idar ita ce:

S = n/2 × (2a + (n − 1)d)

Lambar farko a ita ce 5, tazara d ita ce 4, adadin lambobi n kuma 20. Ke nan 10 × (10 + 76), amsa 860. Ɗalibar ta rubuta 900. Da ta duba muzakkira ta ga 860, sai ta ce ai kusa ne, kuskuren haɗa lamba ne kawai, ta ba kanta uku cikin huɗu.

Malamin ya dubi layin farko na aikinta, ba na ƙarshe ba. Ta rubuta n a inda ya kamata ta rubuta n − 1, shi ya ba ta 80 maimakon 76. Ba hannu ne ya zame ba, ƙa'idar ce ta zauna mata a karkace, kuma duk tambayar da ta zo da wannan salo haka za ta sake yi. Ya ba ta ɗaya cikin huɗu, na fitar da a da d daidai. Kusancin 900 da 860 ba ya nufin komai. Wani lokaci kuskure babba yana haifar da amsa mai kama da daidai, ƙarami kuma ya jefa amsa can nesa.

Ga kuma abin da bai zo mata a rai ba: akwai inda ta cuci kanta. A wata tambaya ta kawo ƙa'ida daidai, ta zuba lambobi daidai, ta bi matakai daidai, sai a layin ƙarshe ta mance alamar ragi. Da ta ga amsarta ta saɓa da ta littafi, ta ja wa tambayar sifili. Malamin ya mayar mata da uku cikin huɗu, domin masu gyaran jarrabawa suna raba maki ne a kan matakai. Shida da biyar da bakwai sun zama 18, a cire ukun nan, saura 15.

Dalilin kurakuran biyu ɗaya ne. Mafi yawan amsoshin da ke hannun ɗalibai amsar ƙarshe ce kawai, ko aiki cikakke amma ba a nuna maki nawa ke kan kowane mataki ba. Ɗalibi yana kwatanta ƙarshe da ƙarshe, mai gyara kuwa tun daga farko yake karantowa.

Abin da ke kai da abin da ke takarda

Lissafi ma da sauƙi, don lamba ba ta da fuska biyu. Inda abin ya fi muni shi ne tambayoyin bayani. A ce an tambaya: mene ne haɗa abinci da tsiro ke yi da haske? Cikakkiyar amsa tana ɗauke da abubuwa da dama. Tsiron yana amfani da ruwa da iskar kabon, yana buƙatar hasken rana, koren sinadarin ganye ne ke kama hasken, abin da ke fitowa kuma sukari ne da iskar oksijin.

Ɗalibi zai rubuta cewa hanya ce da tsiro ke yin abincinsa da hasken rana da ruwa. Ya buɗe amsar littafi, ya karanta, ya ga babu abin da bai sani ba a ciki. Ai ya san da iskar kabon, ya san da koren ganye. Sai ya ce "abin da nake nufi ke nan," ya ba kansa cikakken maki. Gaskiya ne ya sani, amma bai rubuta ba, kuma mai gyara a cibiyar gyaran jarrabawa, wadda 'yan Sudan ke kira kontrol, bai san shi ba, takarda kawai yake gani.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan. Tun 1975 Baruch Fischhoff ya nuna cewa da zarar mutum ya ji amsa, sai ya ɗauka dama can ya san ta. A Jami'ar Kent State ta Amurka, John Dunlosky da Katherine Rawson sun sa ɗalibai su rubuta ma'anar kalmomin darasi da ka, sannan su ba kansu maki. Sun tarar ɗalibai na ba kansu rabin maki, wani sa'in cikakke, a kan amsar da sam ba daidai ba ce. Ajiye amsar gaskiya a gabansu ya rage matsalar amma bai kawar da ita ba. Abin da ya ƙara rage ta shi ne a yayyanka amsar gaskiyar guntu-guntu, a tambayi ɗalibi a kan kowane guntu: wannan yana cikin abin da ka rubuta, ko babu?

Ga ɗan Bahaushe a Sudan akwai ƙarin nauyi da ba a cika ambata ba. Da yawa suna fahimtar darasi da Hausa ko da Larabcin kasuwa, sannan su juya shi zuwa Larabcin littafi a takarda. Idan ya zo gyara, idonsa na kan jimlar Larabcin amma kunnensa na jin tunanin da ya yi da Hausa, wanda cikakke ne. Kalmar fanni da ya musanya da ta yau da kullum, da jimlar da ta tsaya ba ta kai ƙarshe ba, duk ba zai gan su ba, don ƙwaƙwalwarsa ta riga ta cike gurbin. Shi ya sa insha'in Larabci da rubutun Ingilishi su ne wuraren da makin kai ya fi zama banza. Kuskuren nahawun da mutum bai san kuskure ba ne, ko sau goma ya karanta ba zai kama shi ba.

Abin takaicin kuma, wanda ya fi buƙatar gaskiya shi ya fi nisa da ita. A binciken da Justin Kruger da David Dunning suka wallafa a 1999 daga Jami'ar Cornell, waɗanda ke can ƙasa, da ba su fi mutum 12 cikin 100 ba, sun yi zaton sun fi wajen 60. Ƙwararrun kuwa sun ɗan rage wa kansu. Ilimin da ake buƙata a amsa tambaya shi ne dai ake buƙata a gane ko an amsa ta daidai.

Inda za a iya yarda

Duk da haka kuskure ne a ce makin kai ba shi da amfani. Tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu, da ta "daidai ko kuskure", da cike gurbi da kalma guda, da shekarar wani abu a tarihi, da alamar sinadari, duk waɗannan ɗalibi zai iya gyarawa kamar yadda malami zai gyara, muddin ya rubuta amsar da biro kafin ya duba. Sharaɗi ɗaya ne: ya ware waɗanda ya canka. Amsar da aka dace da ita da ka-cici-ka-cici maki ce a yau, gobe ba lallai ba.

Akwai kuma shaidar cewa gyara wa kai na iya matsowa kusa da na malami ko a tambayoyin bayani. A 2006 Philip Sadler da Eddie Good sun gwada haka a azuzuwan kimiyya na ƙaramar sakandare a Amurka. Bayan an koya wa yaran yadda ake raba maki, makin da suka ba kansu ya yi kusa ƙwarai da na malaminsu, ko da yake masu rauni sun fi ƙara wa kansu. A lura da sharaɗin: an ba su tsarin rabon maki, kuma an koya musu aiki da shi. Wannan ne abin da ɗalibin Abu Na'ama ba shi da shi.

Sai wata matsala da ba laifin ɗalibi ba ce, ita kanta amsar da ake dubawa. Muzakkira aikin mutum ce, ana samun kuskuren bugu a cikinta, wasu amsoshin da ke yawo a waya kuma ba a san wanda ya warware su ba. In muzakkira da littafin ma'aikata suka saɓa, littafin da Cibiyar Manhaja ta Bakhtur Ruda ta fitar shi ne alƙali, don daga cikinsa ake ɗauko tambayoyi.

Takardar da aka taɓa yi ma ba ma'auni ba ce. Wanda ya sake zama kan takardar da ya ga amsoshinta makon jiya zai samu maki mai yawa, amma tunawa ya gwada ba iyawa ba. Malamai masu lura kan ce a ɓoye takardun shekara biyu ko uku, kada a ko leƙa su, sai dab da jarrabawa.

Masu cewa a daina, masu cewa a ci gaba

Ba a taru an zama ɗaya ba kan wannan. Akwai tsofaffin malamai da ke ganin bai kamata a ba yaro amsoshi ba sam. Hujjarsu daga makarantar allo take, wadda a Sudan ake kira khalwa: almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, komai yawan yadda ya ji ya iya. A ganinsu, amsa a hannun yaro tana koya masa leƙe, kuma makin ƙarya ya fi rashin maki illa.

Iyaye kuwa lissafinsu daban. Uban da ya dawo daga gudun hijira ya tarar da gona ba shuka, ba shi da kuɗin darasin gida na darussa bakwai, balle na sansanin bita da ake buɗewa gab da jarrabawa. In aka ce masa yaro kada ya gyara wa kansa, an ce masa ke nan kada a gyara kwata-kwata. Su ma malaman da ke amsa saƙonni suna da iyaka. Mutum ɗaya a waya ɗaya ba zai karanta hoton shafi goma na ɗalibai hamsin ba.

A nan ina ganin masu cewa a daina sun yi gaskiya a rabin maganar kawai. Makin na iya zama ƙarya, amma zaman amsa tambayar ba asara ba ne. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun kwatanta ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta wani rubutu da waɗanda suka karanta sau ɗaya suka yi ta gwada tuno shi da ka. Bayan mako guda, masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 60, masu maimaita karatu kusan 40, alhali masu maimaitawar ne suka fi tabbacin za su tuna. Yaron da aka hana gwada kansa zai koma ga maimaita karatu, wanda ruɗinsa ya fi yawa.

A auna tazarar, ba a yi ta zato ba

Abin da malamin Gadarif ya shimfiɗa wa ɗalibarsa bai buƙatar kuɗi. Ta zauna awa uku cif, ƙaninta ya riƙe agogo, littafi da waya suna wani ɗaki. Kafin ta duba komai, ta sa alama a gefen kowace tambaya: na tabbata, ina shakka, ko canka na yi. Ta rubuta makin da take zaton za ta samu a saman takardar. Sai washegari ta gyara, da biro mai wani launi, don kada hannu ya ƙara kalma ko ya gyara alama ba a sani ba. Kwanan da aka yi yana da amfani, domin abin da ta so ta ce ya ɗan dushe, abin da ta rubuta ne ya rage.

A tambayoyin bayani kuma, ta rufe amsarta, ta fara yanka amsar littafi ta ƙirga abubuwan da ke ciki. In biyar ne, sai ta buɗe tata ta ja layi a ƙarƙashin kowanne da ta gani a rubuce. Abin da ba ta iya ja wa layi ba, babu shi. A lissafi kuwa, duk amsar da ta saɓa, ta nemo layin farko da aikin ya karkace kafin ta sa maki. In a ƙa'ida ne, maki kaɗan ne, kuma darasin na buƙatar komawa. In a layin ƙarshe ne, mafi yawan makin na nan.

Alamomin gefen nan su ke nuna inda haɗari yake. Tambayar da ta ce tana shakka kuma ta faɗi, ba abin mamaki ba ne, ta riga ta san raminta. Wadda ta ce ta tabbata amma ta faɗi, ita ce abin tsoro, don ba za ta taɓa komawa kanta da kanta ba. Irin su n − 1 a nan suke ɓuya.

Malami kuma ba sai an tura masa komai da komai ba. Ya ce ta turo masa cikakkiyar takarda biyu ko uku a kowane darasi mai bayani, bayan ta gyara ta sa makinta. In tazarar ta tsaya kusa da juna, a ce goma, takwas, tara, to ta san ma'auninta, sai ta riƙa cire wajen tara daga duk abin da ta ba kanta a wannan darasin har tazarar ta ragu. In kuwa yau biyu ce gobe sha biyar, makinta a darasin bai isa a gina komai a kansa ba. Tazarar lissafi ba ita ce ta Larabci ba, kowane darasi da tasa. Bayan haka, hoton tambayoyin da take shakka kawai za ta riƙa turowa, shafi ɗaya ko biyu, abin da ko raunin sabis zai iya ɗauka.

Inda babu malami ko a waya, musayar takarda da abokin karatu ta fi komai kusa. Abokin bai san abin da kake nufi ba, don haka abin da ka rubuta zai karanta. Sai dai a kiyayi kunya da kara, waɗanda mu Hausawa ba mu rasa ba. Aminai biyu kan yi wa juna sassauci fiye da yadda kowa zai yi wa kansa. Gara a haɗa mutum huɗu ko biyar, a rufe sunaye, a cakuɗa takardun.

Duk wannan dabara ce ta cike gurbin abu guda, wato sanin yadda ake raba maki. Hukumar WAEC a yammacin Afirka tana fitar da rahoton manyan masu gyara bayan jarrabawa, inda ake bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kowace tambaya, kuma ɗaliban Najeriya da yawa ba su ma san da shi ba. A ƙauyukan Sinnar da Jazira da Shuɗin Nilu kuwa, akwai malamai, cikinsu har da 'ya'yan Hausawa, da suka yi shekaru suna zaman gyaran Shahada. Kira gare su shi ne kowa ya ɗauki tambaya goma a darasinsa, ya warware, ya rubuta makin kowane mataki a gefe, ya haɗa da amsa guda mai rauni da makin da ta cancanta, ya tura wa ɗaliban garinsu. Aikin yini ɗaya ne, kuma shafi huɗu ko biyar sun ɗauke shi.